Nawa Ne Ladan Jari? Lissafin Ribar da Ta Kamaci Mai Hannun Jari, da Misalin Kamfanin Shinkafa a Haɗeja



Tambayar da zan yi magana a kanta yau tsohuwa ce a kasuwa, amma sabuwa ce a littafi. Idan mutum ya ba da kuɗinsa a matsayin jari, ba bashi ba, riba nawa ya kamata ya sa rai da ita a shekara kafin a ce bai yi wauta ba? Wanda ya ba da rance ya san abin da za a biya shi, domin a rubuce yake. Mai hannun jari kuwa ba a yi masa alkawarin kome ba. Sai an biya ma'aikata, an biya banki, an biya haraji, sannan ya ɗauki abin da ya rage, in ya rage. Duk da haka kuɗinsa ba kyauta ba ne. Da bai sa su a nan ba, da ya sa su a wani wuri sun haifa masa riba. Wannan ribar da ya haƙura da ita, ita ce tsadar jarinsa a wurin kamfani, ita ce kuma zan riƙa kira ladan jari.

Ga dalilin da ya sa abin ya shafe ku. Cikinku akwai waɗanda za su zauna a Ma'aikatar Kuɗi ko ta Ciniki, a Dutse ko a Kano, a ajiye musu takarda a kan tebur mai cewa gwamnati ta sayi hannun jari a wani kamfani, ko a zuba kuɗin fansho a cikinsa. Takardar za ta yi alkawarin riba mai daɗin ji. Wanda bai san yadda ake fitar da ladan jari ba, ba shi da mudun da zai auna alkawarin da shi, sai ya sa hannu a kan dukiyar jama'a da ka.

Hanyar da aka fi bi a duniya wajen wannan lissafi ita ce wadda ake kira CAPM. William Sharpe ne ya bayyana ta a 1964, John Lintner a 1965, Jan Mossin a 1966, dukansu suna ɗorawa a kan aikin da Harry Markowitz ya buga a 1952. A 1990 aka ba Sharpe da Markowitz lambar Nobel tare da Merton Miller. Ga yadda ake rubuta ta:

Re = Rf + β × (Rm − Rf)

Re shi ne ladan jarin da muke nema. Rf ita ce ribar da mutum zai samu ba tare da kasada ba. Rm ita ce ribar da ake sa rai daga kasuwar hannun jari baki ɗayanta, don haka Rm − Rf shi ne ƙarin da kasuwa ke bayarwa ga wanda ya yarda ya ɗauki kasada, abin da zan kira tukuicin kasuwa. Harafin β kuwa, wanda ake karantawa beta, shi ne ma'aunin yawan kasadar kasuwa da wannan kamfani ya ɗauka. Da Hausa, ma'anar ita ce: ka fara da abin da za ka samu kana kwance a ɗaki, sannan ka ƙara tukuicin kasada gwargwadon rabonka a cikinta.

Kafin mu shiga lambobi, dole mu fahimci wace kasada ake nufi, domin a nan ne zuciyar maganar take. Manomin ƙasar Haɗeja ya daɗe da sanin wannan hikima. Mai gona a fadama kaɗai, shekarar da kogi ya yi ambaliya ya tashi a tutar babu. Mai gona a tudu kaɗai, shekarar fari ya shiga uku. Amma wanda ya raba ƙarfinsa, ya shuka shinkafa a fadama, gero a tudu, ya ajiye 'yan awaki, ya kuma taɓa su a lokacin da ruwa ya janye, da wuya shekara guda ta kwashe masa kome. Asarar wannan sashe ribar wancan ke rufe ta. To, amma akwai masifar da ba ta san tudu ko fadama ba. Idan darajar naira ta faɗi, kamar yadda ta faɗi bayan an sake ta a watan Yuni na 2023, ko kuɗin mai ya tashi, taki da kuɗin mota da kuɗin ƙwadago duk tare suke tashi, ko ina gonarka take.

Ashe kasada iri biyu ce: wadda rarraba dukiya ke maganinta, da wadda ba ta jin magani. CAPM ta ce kasuwa ba ta biyan tukuici a kan ta farko, saboda mai hankali yana iya kawar da ita a banza ta hanyar sayen hannun jari a kamfanoni masu yawa. Ta biyun kaɗai ake biya, kuma beta ita ce ke auna ta. Kamfanin da betarsa 1 ce, tare yake tafiya da kasuwa. Mai beta 1.5, idan kasuwa ta tashi da kashi 10 cikin 100, shi a bisa al'ada yakan tashi da 15, in ta faɗi da 10 ya faɗi da 15. Mai beta 0.5 kuwa rabin girgizar kasuwa yake ji.

Yanzu mu ɗauki misali. Lambobin da zan kawo na koyarwa ne, na zaɓe su domin lissafi ya fito a sarari. Ranar da aikin gaske ya zo gabanku, sai ku nemi na wannan rana. A ce wasu 'yan kasuwa suna so su kafa kamfanin sarrafa shinkafa a Haɗeja. Wurin ya dace, domin shanshera tana kusa, daga aikin noman rani na Kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da kuma fadamun Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Aikin zai ci naira miliyan 1,000. Za a ranto miliyan 200 daga banki, masu hannun jari su kawo miliyan 800. Masu shirin sun rubuta cewa a shekara masu hannun jari za su samu miliyan 260, idan aka haɗa ribar da ake rabawa da ƙarin darajar kamfanin. Wato kashi 32.5 cikin 100 ke nan. An nemi gwamnatin jiha ta shiga. A shiga ko kada a shiga?

Mataki na farko shi ne Rf. A Nijeriya, abin da ya fi kusa da riba marar kasada shi ne abin da Gwamnatin Tarayya ke biya a kan takardun lamuninta na naira, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka, da aka kafa a 2000, yake sayarwa. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa yana iya duba ladan hayar sukuk na gwamnati, wanda aka fara fitarwa a 2017, domin shi ma ma'auni ne na abin da ake samu idan gwamnati ce mai biya. Ƙa'idoji biyu ake kiyayewa. Ta ɗaya, kuɗin su zama iri ɗaya: ribar kamfaninmu da naira za ta zo, saboda haka ba a ɗauko ribar takardun Amurka na dala a liƙa mata. Ta biyu, tsawon lokaci ya dace: injin casa zai yi shekaru goma ko fiye yana aiki, don haka takardar lamuni ta shekara goma ake dubawa, ba takardar baitulmali ta wata uku ba. Ga abin da ke faruwa idan aka saɓa. A ƙarshen 2020 ribar takardun baitulmali na gajeren lokaci ta faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 14. Duk wanda ya ɗauki wannan adadi a lokacin, da kowane aiki ya zame masa mai riba a takarda. A misalinmu mu ɗauka takardar shekara goma tana biyan kashi 18.

Mataki na biyu shi ne tukuicin kasuwa, kuma shi ne mafi wuyar kamawa, domin abin da ake sa rai ne, ba abin da aka riga aka gani ba. Hanyar da aka saba ita ce a duba tarihi. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya ya fara ne daga maki 100 a watan Janairu na 1984. Ana lissafa ribar kowace shekara, a haɗa da ribar da kamfanoni suka raba, a cire abin da takardun gwamnati suka biya a wannan shekara, sannan a ɗauki matsakaici. Matsalar ita ce shekara arba'in da 'yan kai kaɗan ce ga kasuwa mai tsalle-tsalle irin tamu. A 2008 kaɗai ma'aunin ya faɗi da fiye da kashi 40 cikin 100. Wanda ya fara ƙidaya daga 2007 zai ce kasuwa ba ta biyan tukuici ko kaɗan, wanda ya fara daga 2020 kuwa zai ce tana biya fiye da kima. Shi ya sa masana da yawa sukan fara da abin da aka gani a tsofaffin kasuwanni masu tarihin fiye da shekara 100, inda aka saba amfani da kashi 4 zuwa 6, sannan su ƙara wani abu saboda kasuwarmu ta fi girgiza. Amma a yi hattara. Kashi 18 ɗin nan na takardar gwamnati ya riga ya ƙunshi tsoron hauhawar farashi da tsoron halin ƙasa. Idan aka sake ɗora cikakken tukuicin kasadar ƙasa a kansa, an ƙidaya abu guda sau biyu, sai a kori aiki mai kyau ba da laifinsa ba. Mu ɗauki kashi 8, amma mu riƙe a zuci cewa zai iya zama 6, zai iya zama 10. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na uku shi ne beta. Ga kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa, ana ɗaukar ribarsa ta kowane wata na shekara biyar, wato watanni 60, a jera ta gefe da gefe da ribar kasuwa, a zana layin da ya fi dacewa da ɗigogin. Gangaren wannan layi shi ne beta. To, kamfaninmu na Haɗeja ko tubalinsa ba a aza ba, balle a yi cinikin hannun jarinsa. Sai mu ari ta makwabta, wato kamfanonin abinci da ke kasuwar hannun jari ta Legas, irin su masu yin sukari, fulawa da gishiri. Amma ba a aron beta kai tsaye, domin bashi yana kumbura ta. Kamfani mai bashi da yawa dole ya biya banki ko an samu ko ba a samu ba, saboda haka abin da ke ragewa masu hannun jari ya fi hawa da sauka. Robert Hamada ya nuna a 1972 yadda ake tsame tasirin bashin:

βu = βL ÷ [1 + (1 − t) × D/E]

A nan βL ita ce betar da aka auna, βu ita ce betar sana'ar tsantsa ba bashi, t shi ne haraji, D/E kuwa bashi ne a raba da jarin masu kamfani. A ce matsakaiciyar betar makwabtanmu 1.08 ce, bashinsu rabin jarinsu ne, wato 0.5, haraji kuma kashi 30 cikin 100. Abin da ke cikin baka zai zama 1 a tara da 0.7 sau 0.5, wato 1.35. Idan aka raba 1.08 da 1.35 za a samu 0.8. Wannan ita ce kasadar sana'ar abinci ita kaɗai, kuma ba abin mamaki ba ne da ta gaza 1, tunda ko kasuwa ta mutu sai an ci tuwo. Sai kuma mu mayar mata da namu bashin. Miliyan 200 a kan miliyan 800 shi ne 0.25. Saboda haka 0.8 sau 1.175, wanda ya ba mu 0.94.

Yanzu kayan miya sun haɗu. Beta 0.94 sau tukuici 8 ya ba da 7.52. A tara da 18, ladan jari ya zama kashi 25.5 cikin 100. Da kuɗi, miliyan 800 ɗin nan sai sun haifi kimanin miliyan 204 a shekara kafin a ce masu su sun samu daidai da kasadarsu. Ku lura da abu biyu. Da an ranto rabin kuɗin aikin, bashi ya yi daidai da jari, da beta ta hau zuwa 1.36, ladan jari ya kai kusan kashi 29. Ashe rance ba ya sa jari ya yi araha, ƙara masa tsada yake yi. Na biyu, kashi 25.5 ba duka ne riba ta gaske ba. Idan farashi na tashi da kashi 15 a shekara, abin da ya rage na ainihi kimanin kashi 9 ne kawai. A 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30, irin wannan riba asara ce a ɓoye.

To, masu shirin sun ce 32.5, mudunmu ya ce 25.5. Sai a sa hannu? A dakata. Duk ɗan Haɗeja da ke zauren nan ya san abin da ba a ambata ba, wato ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ga shi an ga ambaliya mai ɓarna a 2018 da 2020 da 2022. Shekarar da ruwa ya ci gonaki, shanshera takan yi wuya ta yi tsada, hanyoyi su yanke, injin ya kwana ba aiki. Ina wannan yake a lissafinmu? Ba ya cikin beta. Ambaliyar Auyo ba ta motsa hannun jarin kamfanin siminti ko na waya a Legas, don haka ga mai dukiya a warwatse kasada ce irin ta farko.

A nan mutane sukan yi ɗayan kuskure biyu. Wasu su ce tunda ba ta cikin beta, a manta da ita. Wasu kuma su ƙara kashi 5 ko 10 a kan ladan jari da ka, su ce na ambaliya ne. Duka biyun ba daidai ba ne. Wurin ambaliya shi ne cikin ƙiyasin kuɗin da za a samu. Miliyan 260 da aka rubuta ribar shekara mai albarka ce, alhali abin da ake gwadawa da ladan jari shi ne matsakaicin shekaru masu kyau da marasa kyau. A ce cikin kowace shekara biyar ɗaya ta ambaliya ce, kuma a wannan shekara miliyan 20 kacal ake samu. Shekara huɗu na 260 sun ba da 1,040, a tara 20, a raba biyar, an samu miliyan 212, wato kashi 26.5. Aikin ya haye, amma da ƙyar. Idan kuwa ambaliyar shekara ɗaya ce cikin huɗu, matsakaicin zai sauko zuwa miliyan 200, kashi 25 daidai, aikin ya faɗi. Kun ga ke nan hukuncin miliyan 800 ya rataya a kan tambayar da ba akanta ne zai amsa ta ba, sai injiniyan ruwa da bayanan hukumar kogi da dattawan da suka shekara hamsin suna kallon gulbi.

Mu koma kan tukuicin kasuwa da na ce mu riƙe a zuci. Da 6 muka ɗauka, ladan jari zai zama 23.6, da 10 ne, 27.4. Ribarmu ta 26.5 tana tsakiyarsu. Saboda haka ma'aikaci mai gaskiya ba zai rubuta wa kwamishina lamba guda mai ɗigo biyu kamar wahayi ba. Zai rubuta cewa ladan jari yana tsakanin 24 da 27, aikin yana bakin gaɓa, kuma abin da zai tsallakar da shi shi ne rumbun ajiyar shanshera a kan tudu, ko inshora, ko yarjejeniyar sayen shinkafa daga wani yanki da ruwan Haɗeja ba ya kaiwa.

Ta yaya mutum zai gane lissafinsa ya karkace? Ga alamu uku. Ta farko, idan ladan jari ya fito ƙasa da kuɗin ruwan da banki ke nema daga kamfanin. Banki ake fara biya, kuma yana riƙe da jingina; ba zai yiwu wanda ke ƙarshen layi ya nemi ƙasa da na gaba ba. In banki ya ce 28 kai kuma ka samu 25.5, koma ka duba betarka da tukuicinka. Ta biyu, idan beta ta fito ƙanƙanuwa ƙwarai, kamar 0.2. Sau da yawa ba rashin kasada ba ne, rashin ciniki ne. Hannun jarin da yakan yi makonni ba a saye shi ba, farashinsa a tsaye yake ko kasuwa na rawa, sai lissafi ya ɗauka natsuwa ce. Irin wannan kamfani a cire shi daga cikin makwabtan da ake aro. Ta uku, idan beta ta sauya ƙwarai don kawai an canja shekarun da aka auna. Wannan yakan faru a kasuwarmu, inda 'yan manyan kamfanoni ƙalilan na siminti, waya da banki suka rinjayi ma'aunin duka.

Akwai kuma iyaka da ta fi waɗannan girma. CAPM ta ɗauka cewa mai jari ya rarraba dukiyarsa. Asusun fansho ya cika wannan sharaɗi. Amma attajirin da ya sayar da shanunsa da gidajensa ya zuba duka a injin guda, ambaliya a wurinsa ba ƙaramar kasada ba ce, ita ce duka. Kashi 25.5 ba zai ishe shi ba, kuma yana da hujja. Haka gwamnatin jiha ya kamata ta yi tunani, domin shekarar da kamfanin zai kasa biyan riba, ita ce shekarar da za a nemi kuɗin agaji da gyaran hanyoyi. Asarar biyu tare suke zuwa. Bugu da ƙari, ambaliya irin ta 2022, wadda ta shafi yawancin jihohin ƙasar nan ta kuma taɓa farashin abinci, wani ɓangarenta ya zama kasadar kowa da kowa. Su kansu masanan ba su bar hanyar ta huta ba. A 1992 Eugene Fama da Kenneth French sun nuna cewa a kasuwar Amurka beta ita kaɗai ba ta bayyana bambancin riba tsakanin kamfanoni yadda ake zato ba, girman kamfani ma yana da tasiri. Ana ci gaba da amfani da ita ne saboda tana tilasta wa mutum ya faɗi zatonsa guda uku a fili, inda kowa zai iya ƙalubalantarsa.

Saboda haka, ranar da irin wannan takarda ta iso teburinku, ku tambayi mai ita abu huɗu. Wace takardar gwamnati ka ɗauka, ta shekara nawa, kuma da wane kuɗi? Daga ina ka samo tukuicin kasuwa, kuma me zai faru in ya motsa da maki biyu? Betar wa ka ara, ka kuwa tsame bashinsu ka sa naka? Sannan, a cikin shekarun da ka lissafa, ina shekarar ruwa? In ya amsa huɗun nan, ku zauna ku yi lissafi tare. In ya kasa, ku mayar masa da takardarsa ya je ya sake shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.